Adashi, Ƙungiyar Gama-kai da Asusun Banki: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu zubin adashi da 'yan ƙungiyoyin gama-kai suka fi yi, musamman idan kuɗin ya fara yawa ko rigima ta kunno kai. Alƙaluman da ke ciki na misali ne, kowa ya ɗauke su da irin kuɗin da yake amfani da shi.

Shin adashi tara kuɗi ne, ko kuwa bashi ne?

Duka biyun ne, kuma wanda bai gane haka ba shi ne ya fi shiga matsala. A ce mutum goma sun haɗu, kowa yana zuba 20,000 duk wata, ana kwasar 200,000. Wanda ya kwasa a watan farko 20,000 kawai ya zuba, ya tafi gida da 200,000. Ke nan 180,000 daga cikin abin da ke hannunsa kuɗin mutane ne, zai yi wata tara yana biya. Wanda zai kwasa a wata na goma kuwa, wata tara zai yi yana ba mutane rance ba tare da ya riƙe jinginar kowa ba. Na tsakiya, rabin tafiyar mai bin bashi ne, rabin kuma shi ake bi.

Adashi ba ya haifar da ko sisi. Abin da ka zuba shi za ka kwasa. Amfaninsa guda biyu ne: yana tilasta maka ka ware kuɗi ko ba ka so, saboda kunyar idon mutane, kuma yana mayar da ƙananan kuɗin da ke zurarewa daga hannu su zama dunƙule guda da za a iya yin abu da shi. Wannan amfani ba ƙarami ba ne, shi ya sa kusan kowace al'umma ta ƙirƙiro irin nata. A Ghana da tsibiran Karibiyan ana cewa susu, a Habasha ikub, a Indonesiya arisan, a Meziko tanda, a Afirka ta Kudu kuma stokbel. A Indiya abin ya girma har sai da gwamnati ta yi masa doka ta musamman a 1982.

Idan wani ya kwasa ya daina zubi, wa ke yin asara, kuma nawa?

Mu koma kan mutum goman nan. A ce na uku ya kwashi 200,000 a wata na uku, daga nan aka neme shi aka rasa. Ya zuba sau uku, wato 60,000. Saura zubi bakwai a kansa, 140,000. Na farko da na biyu ba abin da ya taɓa su, sun riga sun karɓi nasu cif. Mutum bakwai da suka rage su ne za su riƙa kwasar 180,000 a maimakon 200,000, kowa ya yi asarar 20,000.

Da a nan abin yake tsayawa, da da sauƙi. Abin da ya fi faruwa shi ne, da zarar labari ya bazu, sai jikin kowa ya yi sanyi. Na tara da na goma su fara tunanin ko abin zai kai kansu, sai su ja da baya da zubi. Na farko da na biyu kuma su ga cewa wani ya gudu ba abin da aka yi masa. Kafin wata biyu adashi ya watse, kuma wanda ya fi kowa haƙuri shi ne ya fi kowa asara. Na goma, idan abin ya rushe bayan zubi na shida, 120,000 ɗinsa na hannun mutane shida daban-daban, kowa sai an bi shi gida.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka yi kafin ka shiga ba "nawa ake kwasa" ba ce. Ka tambayi su wane ne ke gabanka a layi, domin su ne za ka ba rance. Ka san sana'ar kowannensu, ka san inda yake kwana, ka san ko akwai wanda yake jin nauyinsa. Idan a cikin mutum goma uwar adashi kaɗai ka sani, to ita kaɗai ce jinginarka, kuma sai ka tambaye ta a fili ko ta ɗauki nauyin cike giɓi idan wani ya gaza. Wasu suna ɗauka, wasu ba sa ɗauka, kuma ba ranar rigima ya kamata ka fara jin amsar ba.

To yaya ya fi dacewa a tsara layin kwasa?

Hanyoyin da aka saba uku ne: ƙuri'a, duba bukata, ko a bar wa uwar adashi ta tsara. A wasu ƙasashen akwai ta huɗu, inda ake yin gwanjo, wanda ya yarda a rage masa mafi yawa daga kwasar shi ke ɗauka, a raba ragin ga sauran.

Ƙuri'a ta fi kawar da zargi, amma tana iya sa baƙon da ba a san halinsa ba ya zama na farko. A ganina ƙa'ida ɗaya ce ba ta da makawa: sabon shiga ya kwasa a ƙarshe-ƙarshe a zagayensa na farko. Ba cin fuska ba ne. Wanda ya yi wata takwas yana zubi kafin ya karɓa ya nuna halinsa, zagaye na gaba sai a matso da shi. Wanda kuma ya zo yana cewa in ba a ba shi hannun farko ba ba zai shiga ba, rance yake nema, a duba shi da idon mai neman rance.

Mai hannu biyu ma a raba masa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Idan aka ba shi na biyu da na uku a jere, kuɗin mutane da ke hannunsa ya ninka, alhali samunsa bai ninka ba.

Ni kullum ina son in kwasa a ƙarshe don in ga kuɗina a dunƙule. Akwai laifi?

Babu laifi, amma ki san abin da kike bayarwa. Ban da haɗarin da aka ambata, akwai hauhawar farashi. A ce kaya suna tashi da kashi 2 cikin ɗari duk wata. Zubinki na farko ya yi wata tara a hannun mutane, na biyu wata takwas, haka har zuwa na ƙarshe. Idan aka haɗa, ƙarfin sayen kuɗinki ya ragu da kusan 18,000 daga cikin 200,000. Lambar tana nan yadda take, amma abin da za ta saya ya ragu. Wanda ya kwasa da fari shi ya ci wannan bambancin, domin ya sayi kayansa da tsohon farashi.

A lokacin da farashi ke zaune, wannan ba abin damuwa ba ne. A lokacin da yake gudu, gara a taƙaita zagayen: mutum biyar ko shida maimakon ashirin, ko zubin mako-mako maimakon na wata. Sannan a riƙa juya layi, na ƙarshe a wannan zagaye ya dawo gaba a mai zuwa.

Mu 'yan uwa ne da abokan aiki. Sai mun yi rubutu?

Ku ne ma kuka fi bukatarsa, domin abin da za ku rasa idan aka samu saɓani ya wuce kuɗi. Ba wata doguwar takarda ake nema ba. Shafi ɗaya ya isa: sunayen kowa da layinsa, adadin zubi da ranarsa, kwana nawa ake ɗaga wa wanda ya makara, me za a yi idan wani ya rasa aiki, ya kwanta ciwo ko ya rasu. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke jin nauyin ambata, kuma shi ne ya fi jawo ɓacin rai. Idan mamaci ya riga ya kwasa, ragowar zubinsa bashi ne a kan dukiyarsa. Idan bai kwasa ba, abin da ya zuba haƙƙin magadansa ne. Iyalinsa ba za su san da ko ɗaya ba idan babu rubutu.

Duk zubi a rubuta shi a gaban mai zubin. Duk wanda ya kwasa ya sa hannu. Idan ta waya ake turawa, a tura shaidar biya inda kowa zai gani. Kuma kuɗi kada ya kwana a hannun uwar adashi: ranar da aka tara, ranar a miƙa. Yawancin uwayen adashin da suka ci amana ba da niyyar cin amana suka fara ba. Kuɗi ne ya zauna a hannunsu kwana huɗu, wata bukata ta taso, suka taɓa da niyyar mayarwa, sai suka koma cike ramin wannan wata da zubin wata mai zuwa. Alamar farko ita ce a fara ce wa mai kwasa ya karɓi rabi yau, ragowar sai jibi.

Ina cikin adashi uku, ina biyan ɗaya da kwasar ɗaya. Wannan dabara ce?

A'a. Da zarar kwasa ta zama abin biyan zubi, adashin ya daina yi maka aiki, kai ne kake yi masa. Ka haɗa duk zubinka na wata, ka gwada shi da samunka na watan da kasuwa ta yi sanyi, ba na watan da ta yi kyau ba. Idan a irin wannan watan ba za ka iya biya ba sai ka ci bashi, zubin ya fi ƙarfinka. Ka ƙarasa waɗanda ka riga ka kwasa, kada ka sabunta.

Mene ne bambancin ƙungiyar gama-kai da adashi?

A adashi kuɗi wucewa yake yi, ba ya zama. A ƙungiyar gama-kai kuɗi taruwa yake yi a asusu ɗaya, a riƙa ba mambobi rance daga ciki, ko a sayo kaya da yawa a raba, a ƙarshen shekara a raba rarar da aka samu. Mambobi su ne masu ƙungiyar, kuma kowa ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa. Wannan tsari ya samo asali ne daga wasu ma'aikata 28 a garin Rochdale na Ingila, waɗanda suka buɗe shagon haɗin gwiwa a 1844. Ɓangaren ajiya da rance kuma ya bunƙasa a ƙauyukan Jamus ta hannun Friedrich Raiffeisen a shekarun 1860.

Akwai kuma wani tsari da ke tsakanin biyun, wato ajiyar akwati mai makulli uku, wanda ya fara a Jamhuriyar Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Mutum uku daban ke riƙe da makullan, ba a buɗe akwatin sai a gaban kowa, kuma duk shekara ana raba komai a sake sabon lale.

Abin lura shi ne, tunda kuɗi yana zama a gama-kai, haɗarin ya sauya wuri. A adashi kana tsoron ɗan uwanka mai zubi. A gama-kai kana tsoron shugabanni da littafin lissafi.

Me zan duba kafin in shiga ƙungiyar gama-kai?

Ka fara da rajista. Ka nemi ganin takardar shaidar, sannan ka tabbatar da ita a ofishin gwamnatin da ke kula da ƙungiyoyin gama-kai, kada ka tsaya ga wadda aka rataye a bango. Sai ka karanta dokokin ƙungiyar, musamman wurin da ya yi maganar fita. Akwai bambanci tsakanin kuɗin ajiya da kuɗin hannun jari. Na ajiya ana iya cirewa bayan an ba da sanarwa. Na hannun jari sau da yawa ba ya fitowa sai ka bar ƙungiyar gaba ɗaya, kuma idan an yi asara shi ake fara taɓawa. Mutane da dama sai ranar da bukata ta kama su suke gano cewa rabin kuɗinsu ba na cirewa ba ne.

Daga nan sai tambayoyin da shugabanni nagari ba sa jin haushinsu. Yaushe aka yi babban taron shekara na ƙarshe? Wa ya binciki lissafin, kuma ɗan ƙungiya ne ko na waje? Mutum nawa ke sa hannu kafin kuɗi ya fita? Yaushe aka yi zaɓe? Sai tambayar da ta fi duka: daga cikin rancen da aka bayar, nawa ne lokacin biyansa ya wuce, kuma nawa ne ke hannun shugabannin kansu da iyalansu? Ƙungiyoyi ba su cika mutuwa saboda ɓarawon waje ba. Suna mutuwa ne idan ciyaman da ma'aji da sakatare suka ci manyan rance, babu mai iya tunkararsu, a takarda kuɗi na nan amma a asusu babu.

Za ka gane ƙungiya ta fara ciwo idan layin masu jiran rance ya yi tsawo fiye da da, idan mai son cire ajiyarsa ya fara jin "dawo mako mai zuwa", idan aka ɗage taron shekara sau biyu, ko aka ɗauki kuɗin mambobi aka zuba a wani babban aiki da ba a kawo shi gaban taro ba. Kuɗin da mutane za su iya nema gobe ba a binne shi a gini.

An ce rancen ƙungiyarmu kashi 10 ne kawai. Ai ya fi na ko'ina sauƙi?

Zai iya fin sauƙi, amma a yi lissafin tukuna. A ce ka karɓi 300,000, za ka biya cikin wata 12, an ɗora kashi 10 a kan dukan kuɗin, wato 30,000. Kana biyan 27,500 duk wata, 25,000 daga ciki na ainihin bashin ne, 2,500 na ƙarin. To amma 300,000 ɗin wata ɗaya kawai ta yi cikakkiya a hannunka. Wata na biyu saura 275,000, na uku 250,000, har zuwa 25,000 a watan ƙarshe. Idan aka daidaita, abin da ka riƙe a tsawon shekarar 162,500 ne. Biyan 30,000 a kan wannan ya kai kashi 18 da ɗoriya, ba 10 ba. Idan kuma tun farko aka cire 30,000 ɗin aka miƙo maka 270,000, ya ƙara tsada.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa. Ƙungiyoyi da yawa suna ba da ninki biyu ko uku na abin da ka tara, kuma ba za ka taɓa ajiyarka ba sai ka gama biya. Idan 150,000 ɗinka na kulle aka ba ka 300,000, rabin rancen kuɗinka ne. Wani lokaci cire ajiyarka ka cika da abin hannu ya fi maka. Abin da ke rage zafin shi ne, rarar ƙarshen shekara tana dawowa ga mambobi, har da kai, in dai ƙungiyar tana da lafiya.

Don haka idan za ka gwada rance biyu, kada ka gwada kason da aka faɗa da baki. Ka tambayi nawa zai shigo hannunka, nawa za ka biya gaba ɗaya har da kuɗin fom, cikin wata nawa.

Abokina ya ce in tsaya masa ya karɓi rance. Sa hannu ne kawai, ko?

Sa hannun nan alkawarin biya ne. Idan ya gaza, daga ajiyarka za a cire, kuma a ƙungiyoyi da yawa ba za ka iya cire kuɗinka ko barin ƙungiyar ba har sai ya gama. Kada ka tsaya wa adadin da ba za ka iya ba shi kyauta ka yi barci ba. Ka kuma tambayi sakatare ko akwai wani rancen a kansa.

An gayyace ni wani adashi a waya: in zuba 50,000, in kawo mutum biyu, in kwashi 400,000. Halal ne, adashi ne?

Wannan ba adashi ba ne, sunan kawai aka ara. Gwajin mai sauƙi ne: a adashin gaskiya abin da ka zuba daidai yake da abin da za ka kwasa, mutanen ƙididdigaggu ne, kuma akwai ranar gamawa. Duk inda aka ce za ka karɓi fiye da abin da ka saka ba tare da wani ciniki da za ka iya gani da ido ba, daga aljihun sababbin shiga kuɗin ke fitowa. Kafin kai ka karɓi 400,000 sai mutum takwas sun zuba. Kafin su takwas ɗin su karɓa sai an samu 64, su kuma sai an samu 512. Ba a daɗewa mutane suke ƙarewa, kuma waɗanda suka shigo a ƙarshe, su ne mafi yawa, ba sa samun komai.

Salon tsoho ne. Charles Ponzi ya yi irinsa a Boston a 1920, yana biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi. A Albaniya, rushewar irin waɗannan kamfanoni a 1997 ta jefa ƙasar gaba ɗaya cikin tarzoma. Ganin wani ya karɓa da idonka ba hujja ba ce, domin biyan na farko-farko shi ne tallan. Abin da ya fi ciwo kuma, mutum biyun da za ka kawo ba baƙi ba ne, naka ne.

To yaushe ne lokacin komawa asusun banki?

Adashi da ƙaramar ƙungiya a kan sanayya da kunya suke tsaye. Suna aiki matuƙar kuɗin bai fi ƙarfin kunyar ba. Mutum ba zai zubar da mutuncinsa a kan kuɗin da zai samu cikin mako biyu ba, amma kwasar da ta kai samun shekara guda tana iya sa wanda ba a taɓa zato ba ya sauya gari. Idan kwasa ta kai adadin da rasa shi zai durƙusar da sana'arka ko gidanka, lokaci ya yi.

Haka nan idan kuɗin na ko-ta-kwana ne. Ciwo ba ya jiran layinka ya zo, kuma ƙungiya na iya neman sanarwar wata guda. Kuɗin da za ka iya bukata cikin dare ya zauna a inda hannunka zai kai gare shi cikin dare. Kuɗin dogon buri ma, na shekara uku ko biyar, bai dace da adashi ba, domin babu taron mutum goma da za ka iya rantsewa yana nan daram har tsawon wannan lokaci.

Sai batun shaida. Wanda ya yi shekara goma bai taɓa fashin zubi ba mutum ne mai amana, amma babu takardar da ke nuna haka. Ranar da zai nemi babban jari, ko kwangila, ko izinin tafiya wata ƙasa, bayanin shige da ficen asusu za a tambaye shi. Idan sana'arka ta fara hulɗa da mutanen da ba su san ka ba, ka fara bi da cinikinka ta asusu tun kafin ranar bukata, don tarihin ba ya ginuwa cikin mako ɗaya.

Komawa banki ba ya nufin barin adashi. Tsarin da na fi gamsuwa da shi shi ne a raba aiki: adashi ya tara, ranar kwasa abin da ba za a kashe nan take ba ya wuce asusu kai tsaye kafin masu bukata su ji labari. Gama-kai kuma a bar ta don rance matsakaici da sayen kaya cikin rahusa.

Ai banki ma yana rushewa, ga kuma yawan cire-cire.

Gaskiya ne, yana rushewa. Bambancin shi ne a ƙasashe da yawa akwai inshorar ajiya, wadda ke biyan mai asusu har zuwa wani adadi idan banki mai lasisi ya durƙushe. Amurka ta kafa tata hukumar a 1933, yanzu tana biya har dala 250,000, ƙasashen Tarayyar Turai kuma yuro 100,000. Kowace ƙasa da nata adadin, sai ka nemi na ƙasarka, ka kuma duba sunan bankin a jerin da babban banki ke fitarwa. Wannan ya shafi ƙananan bankuna da manhajojin waya ma: kyan manhaja ba lasisi ba ne. Ƙungiyoyin gama-kai kuwa a wurare da yawa ba sa cikin wannan inshora, ko da suna da rajista.

Cire-cire kuma a lissafa shi, a gwada. Mai karɓar ajiyar kullum da ke zagayawa yakan riƙe zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa, wato kusan kashi 3 cikin ɗari duk wata. Mutane suna biya da daɗin rai saboda yana zuwa har inda suke. Ka nemi jadawalin cajin banki a rubuce, ka zaɓi asusun ajiya mai sauƙi, ka haɗa cajin wata uku ka ga wanne ya fi ci. Lambar sirrinka da lambar da ake turowa ta saƙo kuwa, babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya tambaye su.

Ni matsalata kuɗin ruwa ce, shi ya sa nake tsaya wa adashi.

Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, da kuma sassa na musamman a wasu bankunan, kuma akwai asusun da ba a ɗora masa komai. Akwai ƙungiyoyin gama-kai da ke ba da rance ba ƙari, ko su sayi kayan da kake so su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Idan irin wannan ce, ka tabbatar da gaske ƙungiyar ke sayen kayan ta mallake shi kafin ta sayar maka, ba kuɗi take miƙo maka da sabon suna ba. Ka kai wa malamin da ka amince da shi ainihin takardar yarjejeniyar ya karanta, kada ka ba shi labari da baki.

Ƙungiyarmu ta girma. Mu buɗe mata asusu, ko mu ci gaba da turawa asusun ma'aji?

Ku buɗe, da sunan ƙungiya. Kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, a idon banki nasa ne. Idan ya rasu zai shiga cikin abin da magada za su nema, idan ana bin sa bashi ana iya riƙe shi, kuma ko shi mai gaskiya ne zai wahala wajen bambance nasa da naku. Ku sa mutum uku masu sa hannu, dole biyu su amince kafin kuɗi ya fita, kada biyun su zama 'yan gida ɗaya. Mai riƙe littafi daban, mai sa hannu daban. Saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar mutum fiye da ɗaya, kuma a kowane taro a karanta takardar banki a gwada ta da littafi a gaban kowa.

Ina so in fita daga adashi a tsakiyar zagaye. Yaya zan yi?

Ya danganta da ko kin kwasa. Idan kin kwasa, babu fita sai biya: ko ki ci gaba da zubi, ko ki biya ragowar a dunƙule. Idan ba ki kwasa ba, kada ki sa ran a mayar miki da kuɗinki nan take, domin ba ya hannun kowa a ajiye, yana wurin waɗanda suka riga suka karɓa. Hanya biyu ce. Ko ki kawo wadda sauran suka amince da ita ta gaji layinki, ta biya ki abin da kika zuba ta ci gaba daga inda kika tsaya. Ko kuma ki dakata, waɗanda suka kwasa da kuɗinki a ciki su mayar miki da shi a ranar da layinki zai zo, sauran kuma su san cewa kwasarsu za ta ragu da zubi ɗaya, su ma ba za su zuba miki ba. A misalin mutum goma, idan kin zuba sau huɗu kika tsaya, 80,000 za ki karɓa daga mutum huɗun farko, sauran biyar kuma su riƙa kwasar 180,000. Ki faɗa da wuri, kafin ranar zubi, a zauna a rubuta sabon lissafin kowa ya sa hannu.